Kwana Taran Da Na Yi Shiru

Shekara shida na yi ina ƙyanƙyasar ƴaƴan tarwaɗa a bayan gidanmu na Tudun Fulani. Kwami huɗu ne na siminti a ƙarƙashin rumfar kwano, da rijiya a gefe. Ba wata babbar sana'a ba ce, amma tawa ce, kuma na iya ta. Ina yi wa uwar kifi allura da yamma, washegari in matse ƙwanta a kwano, in yanka namijin in haɗa maniyyinsa da ƙwan, in baza a kan raga cikin ruwa. Kwana ɗaya da ɗan wani abu sai ka ga wasu ƴan abubuwa kamar gashin ido suna motsi a ƙasan kwami. Daga nan sai raino na mako takwas, har su kai tsawon yatsa da kauri, yadda za su iya rayuwa a tafkin ƙasa ba tare da kwaɗi da ƙwarin ruwa sun gama da su ba. Masu kiwo su zo su saya, su kai tafkunansu. Aikina ke nan.

Babban mai sayena wani dattijo ne a Chanchaga, tsohon hedimasta da ya yi ritaya ya koma gonar gadonsu a bakin rafi, ya haƙa tafki uku. Baba nake ce masa, shi kuma ƴata yake ce mini, ko da yake shi dattijon coci ne, ni kuma da hijabina. Shi ya fara sayen kifina lokacin da maza masu sana'ar suke cewa mace da ƙyanƙyasa sai dai ta kaza. Ya kiwata, ya ga sun yi girma, ya faɗa wa ƴan ƙungiyarsu ta masu kiwon kifi. Kusan duk wanda ya taɓa sallama a ƙofar gidana da jarka a hannu, ta bakin Baba ya ji labarina. Ba ni da allon talla, ba ni da kowa a rediyo. Idan Baba ya daina cewa a je wurin ƴata, to kwamina huɗun nan sun zama wurin wanki. Na san haka tun farko, kuma ban taɓa mantawa ba.

A shekarar da nake magana, ya ce in tanadar masa dubu uku, dubu ɗaya ga kowane tafki, in kai masa a tsakiyar Afrilu. Ba haka kawai ya zaɓi lokacin ba. Tafkunansa a fadama suke, kuma idan damina ta yi nisa rafi yakan cika ya shafe fadamar. Dole ya zuba kifi a Afrilu, ya ciyar da su wata huɗu, ya kwashe a Agusta kafin ruwa ya zo ya kwashe masa. Na amsa masa da ƙarfin gwiwa. Na ƙyanƙyashe a tsakiyar Fabrairu, suka fito da yawa, suna cin abinci kamar an aiko su. Har na fara yi wa maigidana gori, ina cewa shi da yake gyaran janareta bai taɓa gyara wanda ya haihu ba.

Sai Maris ya zo da zafinsa. Wanda ya san Minna ya san wannan watan, ƙasa tana tiriri tun hantsi, rijiyoyi suna ja da baya. Tamu ta kai sai an jira sa'o'i kafin a sami bokiti uku masu laka. Ƴaƴan kifi kuwa ba su san uzuri ba. Suna ci suna kashi a ruwa ɗaya, idan ba a canza musu ba ruwan ya zame musu guba. Sun kai mako biyar a lokacin, sun fara nauyi, ruwan yana ɓaci da wuri.

Wata ranar Juma'a na leƙa bayan azahar na ji ruwan ya fara wari, kifayen suna tasowa sama. Rijiya babu komai. Na fita titi na tare mai tankar ruwa, na tambaye shi ko na burtsatse ne, ya ce ruwa ne mai kyau, Hajiya, har sha ake yi. Bai yi mini ƙarya ba. Ruwan famfo ne da aka sa wa maganin kashe ƙwayoyin cuta, mai kyau ga mutum, ajali ga ɗan kifi. Duk mai ƙyanƙyasa ya san baƙon ruwa sai an bar shi a buɗe ya kwana ɗaya ko biyu maganin ya fice. Ni da bakina na sha koya wa wasu wannan. Amma ran nan ina kallon kifina suna haki, hankalina ya tashi, na ce tunda bai ce na famfo ba ne bari in ɗauka na burtsatse ne. Ko sunsunawa ban yi ba. Na zare rabin ruwan kowane kwami, na cika da sabon.

Kafin la'asar sakaliya sun fara tsayawa a tsaye a cikin ruwan, kai sama, wutsiya ƙasa. A lokacin na ɗebo ruwan na kai hancina, na ji warin maganin sarai. Babu ruwan da zan canza da shi. Na zaga gidajen maƙwabta da bokiti kamar mahaukaciya, abin da na samo bai kai ya cika rabin kwami ɗaya ba. Da gari ya waye ƙasan kwamin ya yi fari fat da cikkunansu. Na tsame masu rai, ba su wuce ɗari huɗu ba. Sauran na kwashe da rariya na haƙa rami a bayan katanga na binne. Ban yi kuka ba a lokacin, haushi ne ya cika ni, kuma babu wanda zan huce a kansa sai ni.

Saura mako uku ranar Baba.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake. In wanke hannu, in sa hijabi, in hau keke zuwa Chanchaga a wannan safiyar. Ban yi ba. Na ce wa kaina ba zan je gaban dattijo hannu rabbana ba, sai na sami abin da zan faɗa bayan mummunan labarin. Wannan dalilin yana da kyan ji, har ni ma na yarda da shi. Gaskiyar kuwa kunya ce da tsoro. Ina jin yadda zan buɗe baki in ce ni, mai koya wa mutane, na zuba wa kifi ruwan da bai kwana ba.

Maigidana ya ga ina yawo a tsakar gida ba na cin abinci, ya kawo tasa shawarar. Ya ce in ce cuta ce ta shiga, ai kifi yana mutuwa kowace rana, wa zai tono ramin ya yi musu gwaji? Na ce masa shi ya sa duk janaretan da ya gyara yake dawowa bayan sati biyu. Ya yi fushi ya fita, kuma da gaskiyarsa, don taimakona ya yi niyya.

Na kwana uku ina zagaya masu ƙyanƙyasa na garin ko zan sami dubu uku in saya in cike gurbi. Lokacin zafi ne, kowa nasa da mai shi. Mutum ɗaya ne a wajen Ketaren Gwari ya ce yana da su, har ya rage mini farashi tun ban tambaya ba, abin da ya sa na tsargu. Na sa hannu na kamo ɗaya. Kai babba, jiki siriri, fata ta yi duhu. Ragowar tacewa ne. A sana'armu kullum ana tace kifi, a ware masu saurin girma a sayar, sai a bar na baya, waɗanda suka tsumbure. Wata uku ko huɗu gare su amma tsawonsu na ɗan mako takwas. Wanda bai sani ba zai ɗauka ƙuruciya ce. Za su ci buhu bayan buhu ba su ƙara komai ba. Mutumin ya ce, "Madam, wa zai gane? Kafin ya gane ai an yi wata biyu, sai ki ce abincinsa ne ba kyau." Na tsaya da kifin a tafin hannuna, kuma ba zan ɓoye ba, na yi tunanin abin. Na daɗe ina tunaninsa fiye da yadda nake son tunawa. Daga baya na mayar da shi ruwa na tafi.

Ranar Talata, kwana uku da mutuwar, waya ta yi ƙara, na ga Baba ne. Muka gaisa, ya tambayi maigida, ya tambayi zafi. Sannan ya ce, "Ya yaran namu?" Haka yake kiran kifayen.

Na ce, "Mun gode Allah, Baba."

Ya ce madalla, ya kashe. Na zauna da wayar a cinya ina gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba, gaisuwa ce, kuma ba a faɗin mutuwa a cikin gaisuwa. Ko mai jinya aka tambaya ya jiki, da sauƙi yake cewa. Da wannan na lallashi zuciyata har ta yi shiru.

Na koma aiki. Na wanke kwamin da gishiri, na roƙi wani maƙwabci mai burtsatse ya riƙa ba ni ruwa ta tiyo, na sayi manyan robobi biyu na ajiya. Ina da uwaye biyu da ban taɓa ba, cikinsu ya yi laushi. Na yi musu allura, na matse, Allah ya taimake ni ƙwan ya yi kyau. Na jira suka fito, na jira kwana uku suka shanye ƙwanduwar cikinsu suka fara karɓar abinci. Sai a lokacin na ga ina da ranar da zan iya tsayawa a kanta. Na zauna da kalanda na ƙirga mako takwas daga ranar fitowarsu, ya faɗa ƙarshen Mayu. Na ƙara mako ɗaya saboda halin rai. Zuciyata ta so in ce mako shida don labarin ya yi sauƙin haɗiya, amma ɗan mako shida ba ya rayuwa a tafkin ƙasa, kuma rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Na ja layi a ƙarƙashin Asabar ta farko a watan Yuni.

Ranar Litinin, kwana tara cif bayan safiyar da na binne su, na hau keke zuwa Chanchaga.

Ban sami Baba a gida ba, matarsa ta ce yana gona, ta rako ni. Mama irin matan nan ne da ba a fita gidansu da ciki wayam, kuma Hausarta ba ta raba mace da namiji. "Ka zo lafiya, ƴata? Ka rame fa, mijinka ba ya ba ka abinci?" Ta riƙo gorar kunun zaƙi muka gangara fadama. Daga nesa na hango tafkunan Baba. Ya riga ya yashe su, ya gyara gaɓa, ya zuba laim, wato farar ƙasar da ake gyara tafki da ita, ya bar shi ya huce, ya jawo ruwa daga rafi da inji har sun cika. Ruwan ya fara yin kore, alamar ya shirya karɓar kifi. Ya ɗaura raga a sama saboda tsuntsaye. A cikin bukkarsa na hango buhunan abinci a jere a kan katako. Tsoho mai shekara saba'in da wani abu ya gama nasa tsaf, saura nawa.

Muka zauna a benci ƙarƙashin mangwaro. Aka yi gaisuwa mai tsawo, na sha kunun da ban ji ɗanɗanonsa ba. Sannan na ajiye kofin na ce, "Baba, na zo da magana, kuma ba mai daɗi ba ce."

Ya cire tabarau ya ce, "Ina jin ki."

Na ce, "Ba zan iya kawo kifinka a tsakiyar watan nan ba. Sun mutu. Ba cuta ba ce, ba kuma laifin kowa ba ne sai nawa. Rijiyarmu ta ƙafe, na sayi ruwan tanka, na zuba musu ban bari ya kwana ba. Ɗari huɗu ne suka tsira, suna nan, naka ne idan kana so. Na riga na sake ƙyanƙyasa, sun fito, sun fara ci, kuma yanzu ruwan burtsatse nake amfani da shi. Ina roƙon ka ƙara mini lokaci zuwa Asabar ta farko a watan Yuni. Kafin nan ba za su kai ba, ba zan yaudare ka ba. Amma ranar nan in Allah ya yarda zan kawo dubu ukunka. Idan kuma ba za ka iya jira ba, ka saya a wani wuri, ni zan raka ka in duba maka su da hannuna kada a ba ka tsumburarru."

Na yi ta maimaita wannan maganar a keke, kuma ta fito yadda na tsara. Har na ji wani ɗan sanyi a raina, irin na wanda ya sauke kaya.

Baba ya sunkuya. Ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa, kamar yana gaban allo. Yuni, Yuli, Agusta. Ya tsaya. Ya ce, "Wata biyu da rabi ke nan kafin in fara tsoron rafi. Ba za su kai girman manyan kifin kasuwa ba. Sai dai in kwashe su ƙanana in ba masu banda." Na san abin da hakan yake nufi. Kifin banda ƙarami ne, arha ne, wahalar shekara ce za ta tafi kusan a banza.

Mama ta ce, "Kai, ruwa ya yi mugunta. Ka yi haƙuri, ƴata, abin Allah ne."

Baba ya ce, "Kifi yana mutuwa. Ni ma na taɓa kashe tafki guda da hannuna, na cika musu abinci da rana tsaka. Wannan ba komai ba ne." Na fara ɗago kai. Sai ya ce, "Kin ce sababbin har sun fara ci. To yaushe waɗancan suka mutu?"

Tsohon malami ne, ya iya lissafi. Na duba ƙasa, na ga babu inda zan bi. Na ce, "Yau kwana tara."

"Kwana tara." Ya mayar da tabaransa. "Ranar Talata na kira ki."

"Ka kira, Baba."

"Kin san me ya sa na kira? Ƴan ƙungiyarmu sun haɗa hannu za a kawo musu ƴaƴan kifi daga kudu a mota ɗaya. Ranar Laraba aka rufe sunaye. Shugabanmu ya zo har nan ya ce in sa ko dubu ɗaya ne, kada in dogara da wuri ɗaya. Na ce bari in tambayi ƴata. Na kira ki, kika ce kin gode Allah. Na koma na ce masa a gaban mutane, ni ina da wadda ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya zage ni, da na sami abin da zan riƙe in ji haushi, don ni mai saurin fushi ce kuma fushi yana rage mini zafi. Amma a hankali yake magana, kamar yana karanta sakamakon jarrabawa. Na buɗe baki in ce ban san da zancen motar ba, sai na ga wannan ba hujja ba ce. Ba sai na san da mota ba kafin in san cewa lokacin nasa ne, ba nawa ba. Kwana tara na riƙe abin da ba nawa ba, don kawai in zo gabansa da fuska mai kyau. Na sauko daga bencin na durƙusa, na ce ya yafe mini. Hawayen da ban yi a kan kifin ba suka zo, a gaban Mama, a gaban wasu masu wanki da ke hango mu daga bakin rafi.

Ya ce, "Tashi, ƴata. Na yafe. Yanzu ko'ina na je a garin nan babu kifin kirki, ke ma kin sani. Zan jira. Asabar ta farkon Yuni kika ce?"

"Ita, Baba."

"To. Ɗari huɗun ki riƙe, ba zan tayar da inji saboda ɗari huɗu ba."

Mama ta raka ni har titi tana ta ba ni haƙuri, ta cusa mini mangwaro a jaka. Na dawo gida na gaya wa maigidana an ƙara mini lokaci. Ya ce to ai shi ke nan, me ya rage kuma? Na ce babu. Ban san yadda zan bayyana masa cewa an ba ni abin da na roƙa amma jikina ya fi mutuwa fiye da lokacin da na tafi ba.

Makonnin da suka biyo baya ban taɓa rainon kifi kamar su ba. Ruwan burtsatsen ma sai ya kwana biyu a roba nake zubawa, ko da yake ba ya bukata. Ina tace su duk bayan kwana biyar, in ware manyan da ke cinye ƴan'uwansu. Na daina zuwa biki, na daina zuwa suna, har wata ƙawata ta aiko a tambaya ko takaba nake yi. Kowace Juma'a nakan kira Baba in gaya masa halin da suke ciki, girmansu, nawa suka mutu, ko bai tambaya ba. Yakan saurara ya ce, "To, na ji. Na gode." Bai sake cewa ya yaran namu ba.

Wayata kuma ta yi shiru. A da, da zarar ruwan sama ya fara sauka, masu ƙananan tafkuna sukan dame ni, wannan ɗari biyar, wancan ɗari uku. Wannan shekarar mutum biyu kawai suka kira. Na bincika a fakaice ko Baba yana ɓata ni. Aka ce ko kusa. Wanda duk ya tambaye shi labarina sai ya ce, "Tana nan Tudun Fulani, ku je ku gani da idonku." Iyakar abin da yake faɗa ke nan. Mutane kuwa ba wawaye ba ne, sun san yadda yake magana a da, kuma sun ga tafkunansa uku cike da ruwa babu kifi har damina ta kankama.

Ranar ta zo. Tun ranar Juma'a na hana su abinci don kada su ɓata ruwan tafiya. Da sassafe na ƙirga su cikin jarkoki shida da aka yanke wa baki, na ɗiga ɗan manja a kowace saboda kumfa. Kifi ne masu kyau, ban taɓa fitar da kamarsu ba, kansu ɗaya, suna tsalle. Bayan dubu ukun na ƙara ɗari uku gyara, fiye da yadda aka saba, na rarraba a jarkokin. Na ɗauki shatar ƙaramar mota, muka isa Chanchaga rana ba ta yi zafi ba.

Baba yana bakin tafki yana jira, Mama tana gefensa. Muka gaisa. Ya leƙa jarka ɗaya, ya kamo guda ya juya shi a hannu, ya ce, "Sun yi kyau. Kin cika alkawari." Na ji kamar in zauna a ƙasa don daɗi. Na ɗauki jarkar farko zan kai bakin ruwa in fara haɗa ruwan tafkin da nasu a hankali kafin in sake su, yadda muka saba.

Ya ce, "Dakata."

Ya shiga bukka ya fito da babbar roba da ƙaramar rariya da littafi da biro. Ya ba Mama littafin. Ya ɗebo ruwan tafki a robar, ya jawo kujera ya zauna, ya fara tsamo kifin biyar biyar yana ƙirgawa da ƙarfi. Duk ɗari, Mama ta ja layi.

A shekara shida Baba bai taɓa ƙirga kifina ba. Abin da na ce shi ne, ya juye a ruwa mu zauna shan kunu. Mai saye yana da ikon ƙirga kayansa, kowa yana yi, babu wanda zai ce ya yi laifi. Na tsaya a gefe hannuna a cikin hijabi, ina jin muryarsa, sittin da biyar, saba'in, saba'in da biyar. Mama ba ta ɗago ta dube ni ba ko sau ɗaya, kuma na san don tausayi ne. Direban motar ya gaji ya je ya kwanta a inuwa. Rana ta ɗaga, na ga kifin jarkokin baya sun fara tasowa sama, na ɗebo ruwa na ƙara musu. Sama da awa biyu aka yi.

Da ya kai dubu uku ya tsaya. Sauran suna ta iyo a gindin jarka ta ƙarshe. Ya dube su, ya dubi littafin Mama, ya ce, "Akwai ragowa."

Na ce, "Gyara ce, Baba."

Ya ce, "Na gode, ƴata. Dubu uku na ce." Ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa, ya ɗauki jarkar da kansa, ya kai ta bayan motar ya ajiye a hankali yadda ruwan ba zai zube ba. Mama ta ce, "Haba, Baba," ya yi kamar bai ji ba. Ya ce in gaida maigida.

Na shiga bayan motar na zauna kusa da jarkar, na riƙe bakinta da hannu biyu saboda ramukan hanya. Har muka hau kwalta ina sauraron ko za a kira ni daga baya. Direban ya tambaye ni ko akwai wani wurin da za mu kai sauran, na ce babu, gida za mu.